Sanarwa ba buhun hatsi ba ce, a daina ɗura mata

Jama'ar Damargu, yau da masu rubuta sanarwa muke, har da mu ƴan rediyo, don mu ma muna ciki. Ku dubi irin jimlar da ake miƙo mana mu karanta lokacin rigakafin bisashe:

"Ana sanar da makiyaya za a yi wa shanu allurar ciwon huhu ran Talata a Balbeji da awaki da tumaki ran Alhamis a Gangara kyauta ga wanda ya iso kafin azahar."

Magana uku ce aka cusa wuri guda: ta shanu, ta awaki da tumaki, da ta kuɗi da lokaci. Kunne yana liƙa kalma da wadda ta gabace ta. Makiyayi ya ji "a Balbeji da awaki da tumaki", shi ke nan, ran Talata ya koro garkensa duka zuwa Balbeji. Kafin "Alhamis" ta iso ya gama yanke shawara. Wutsiyar kuma fa? "Kyauta" ta Gangara ce kaɗai ko har Balbeji? Wanda ya makara biya zai yi, ko ba za a yi masa ba sam? Mai karantawa a waya ma sai ya koma baya sau biyu, balle wanda aka karanta wa a bakin rijiya.

Mun san inda muka ɗauko cutar. A lakol an koya mana Faransancin ofis, jimla guda ta cinye layi biyar, muka zo muna ɗinka Hausa a kan wannan awon.

Gyaran ba wuya. Kowane aiki a ba shi jimlarsa, da ranarsa da wurinsa, a sake faɗin sunan dabbar:

"Ran Talata za a yi wa shanu allurar ciwon huhu a Balbeji. Awaki da tumaki kuwa sai ran Alhamis, a Gangara. Allurar kyauta ce duk wuri biyun, amma ana tashi aiki da azahar."

Ku lura, jimla ta ukun ba ta rubutuwa sai an koma an tambayi mai sanarwar abin da yake nufi. A nan ne ma'ana ke zubewa in an yi gaggawa. In da gaske wanda ya makara biya zai yi, kai kuma ka datse ka ce "Kyauta ne. A iso kafin azahar", to ka yar da sharaɗin, ka yi wa mutane ƙarya. "Amma", "in", "sai dai", "saboda" ba a zubar da su wajen rabawa, su ke riƙe da maganar.

Wasu na cewa wai gajerun jimloli na ƴan firamare ne, kuma suna cin lokacin rediyo. Kai jama'a! Daƙiƙa nawa muka ƙara? Wanda ya yi wunin tafiya da awaki a banza, shi za ku tambaya. Kafin ku aiko mana, ku karanta wa wani sau ɗaya, ku ce masa: yaushe za a kai tumaki, kuma ina? In ya yi jim, ku koma ku raba.