Kafin a ɗora hawa na gaba, a lissafa nauyin ruwa

A Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, wanda Allah ya buɗa wa yakan yi marmarin ɗora bene. Siminti yana nan kusa a Malbaza, maƙera da magina sun ƙware. Amma sau da yawa sai an gama shafe sannan a kira mai gyaran famfo, kamar ruwa abu ne da ake maƙalawa daga baya. Ina ganin nan ne asara take farawa, domin ruwa a bututu yana da nauyi, kuma nauyin nan ba ya sauraron roƙo.

Ƙa'idar ɗaya ce. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da matsi kusan bar 1, hawa ɗaya kuma kusan mita 3 ne. A bene mai hawa huɗu, idan tanki yana mita 14 daga ƙasa, famfon hawa na ɗaya ba zai wuce bar 1.4 ba. Wannan gida ba ya bukatar bawul mai rage matsi, duk wanda ya sayar maka da shi ya ci kuɗinka. Masu wahala su ne na hawan ƙarshe, waɗanda shawarsu take ɗiga kamar hawaye. Maganin da ake yawan yi shi ne a ɗaura injin tura ruwa a bakin tanki don gidan gaba ɗaya. Na sama su ji daɗi, na ƙasa kuwa su karɓi ƙarfin injin haɗe da nauyin ruwan. Abin da ya dace shi ne a ware wa hawan sama bututunsa da injinsa, sauran a bar wa tanki.

A dogon gini irin na Yamai ko Kano lissafin ya canza. Mu ɗauki hawa 20, ruwan tanki yana mita 62. A ƙasa matsin ya haura bar 6, alhali kayan banɗaki sun fi zama lafiya a bar 2 zuwa 3. Alamar ba ta ɓuya: bututu yana bugawa idan an rufe famfo, tiyon ƙarƙashin wurin wanke hannu yana fashewa, tankin masai yana yoyo dare da rana.

Hanya ta farko ita ce bawul mai rage matsi. A cikinsa akwai sifirin da fatar roba. Idan matsin da ke bayansa ya kai inda aka saita, sai ya tsuke hanya. Ba ya cin wuri, amma ƙwayar yashi ɗaya a mazauninsa tana hana shi rufewa ruf. Ga yadda ake ganewa: a sa agogon auna matsi bayan bawul, a rufe duk famfunan wannan sashe, a jira. Idan allurar da aka saita a 3 ta riƙa hawa a hankali, bawul ya saki. Shi ya sa dole a sa matata a gabansa, a riƙa wanke ta.

Hanya ta biyu ita ce tankin karya matsi. Ruwa yana shiga tanki mai numfashi a tsakiyar gini, matsin ya koma sifili, lissafi ya fara sabo. A gininmu, idan aka ajiye shi a hawa na 11, wato mita 30, sai ya shayar da hawa na 7 zuwa ƙasa: na 7 ya samu bar 1.2, na ɗaya ya samu 3. Hawa na 8 zuwa 17 su sha daga tankin rufi, inda mafi yawa bar 4 ne da ɗan ɗoriya, uku na ƙarshe kuma a ba su inji.

Na fi karkata ga tanki a ƙasarmu. Ya fi jure yashi, idan bawul ɗinsa mai balo ya lalace ambaliya za ta faɗa maka, kuma yana riƙe ruwa idan wuta ta ɗauke. Wanda ya ga yadda aka yi bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta 2023 ya san darajar hakan. Masu son bawul za su ce tanki yana cin ɗaki, yana bukatar murfi da wanki, kuma lita 5,000 tan 5 ne a kan dakin. Gaskiyarsu ne. Wannan nauyin ne ma ya sa ba a yanke shawarar bayan an zuba kankare. Mai gida ya zaunar da injiniya da mai famfo tun ginin yana kan takarda, su rubuta matsin da kowane hawa zai samu, sannan a sayi rodi.