A'a da Wuri Ta Fi To Mai Ƙarewa da Ban Haƙuri

A ƙarshen watan Agusta, lokacin da makarantu ke shirin komawa, shagunan ɗinki na Kano da Kaduna da Zariya kan shiga jarrabawar da ta fi ta jajibirin Sallah nauyi. Mai kayan Sallah mutum ɗaya ne, in an saɓa masa a ba shi haƙuri. Makaranta kuwa takan zo da odar yunifom na ɗaruruwan yara, da ranar buɗewa wadda ba ta matsawa. Ra'ayina shi ne, mai sana'ar da ya ga aikin ya fi ƙarfinsa ya faɗa da wuri, ya faɗa da lissafi, kafin ya taɓa kuɗin kafin alƙalami. Abokin ciniki yakan yafe wa wanda ya ce ba zai iya ba. Wanda yake wuyar yafe wa shi ne wanda ya ce zai iya, ya riƙe kuɗi, ya cinye kwanakin da za a nemi wani da su.

Matsalar takan fara ne daga rashin sanin ƙarfin kai. Ka tambayi mai shago yawan abin da zai iya ɗinkawa, sai ya ƙirga maka kekuna. Amma kaya ba a kan keke kaɗai suke bi ba. Sai an auna, an yanka, an haɗa, an buɗe ramin maɓalli, an liƙa bajo, an goge, an ninke. Duk matakin da ya fi tafiyar hawainiya, shi ne ke yanke yawan abin da zai fita daga shagon a rana, komai yawan kekunan da ke jere.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata makarantar kuɗi ta nemi wani shago ya ɗinka mata seti 1,200 na riga da wando cikin mako uku. Shagon yana da teloli takwas, kowanne yana haɗa seti shida a rana, wato seti 48. Mai yanka kuwa ɗaya ne, da almakashi yake aiki, kuma iyakarsa seti 40 a rana. Don haka ƙarfin shagon 40 ne, tunda tela ba ya ɗinka abin da ba a yanka ba. Mako uku na aikin kwana shida-shida kwana 18 ne, wanda ya ba da seti 720. Wannan lissafin ranar da komai ya tafi daidai ne, kuma irin wannan rana ba ta da yawa: wuta za ta ɗauke, janareta zai nemi gyara, wani tela zai tafi jana'iza ko suna, wasu kayan za a farke a sake. In aka cire kashi ɗaya cikin biyar saboda haka, saura 576. Sannan akwai aikin da aka riga aka karɓa daga tsofaffin abokan ciniki, a ce ya kai nauyin seti 250. Abin da ya rage 326 ne. Ke nan gaskiyar abin da shagon zai iya miƙawa ranar buɗe makaranta bai wuce seti 300 ba, rubu'in abin da aka nema.

Wannan lissafi ba ya cin rabin sa'a da biro da takarda. Duk da haka da yawa ba sa yi, domin sun san amsar da zai bayar ba za ta yi musu daɗi ba.

Akwai hujjoji uku da ake kawowa don a karɓi aikin duk da haka, kuma ba na raina su. Ta farko ita ce irin wannan dama ba kullum take zuwa ba, kuma da manyan ayyuka ake girma. Gaskiya ne. Sai dai aikin da ke ƙara wa shago girma shi ne wanda ya ɗara ƙarfinsa kaɗan, wanda ƙarin sa'o'i biyu a rana ko ɗauko mai yanka na biyu zai cike giɓinsa. Wanda ya ninka ƙarfin sau huɗu ɗaukar Dala ne ba gammo. Ko da an samo mai yanka na biyu a misalinmu, ƙarfin daga 40 zuwa 48 kawai zai tashi, domin daga nan teloli ne za su zama cikas.

Hujja ta biyu ita ce a karɓa a rarraba wa wasu shaguna a ɓoye. Wannan dabara a kan yunifom take fi tonuwa, domin amfanin yunifom shi ne kamanni. Shago huɗu na nufin hannun yanka huɗu, kuma lamba ɗaya za ta fito da girma huɗu. Haka yadi: seti 1,200 a kan yadi uku-uku yadi 3,600 ne, kuma in ba a saye shi lokaci guda daga rini ɗaya ba, shuɗin da aka samo a Kantin Kwari yau zai iya bambanta da na mako mai zuwa, ko da sunansu ɗaya. A cikin shago ba a lura. Ranar da yara suka yi layi a filin makaranta cikin rana, kowa zai gani. Mai shago ya sa sunansa a kan aikin da bai ga yadda aka yi shi ba, kuma shi za a tuhuma.

Hujja ta uku ba a cika furta ta ba, amma ita ta fi ƙarfi: kunya. A tarbiyyarmu, ce wa babba a'a ido da ido abu ne mai nauyi, musamman in wani mai mutunci ne ya haɗa ku. Sai a fake da "za mu ƙoƙarta" ko "ba matsala". Mai faɗa yana nufin akwai shakka, mai ji kuwa ya ɗauka an gama magana, ya daina neman wani. Ladabin da ya ceci fuskar mutum na minti biyar shi ne zai jawo ranar da za a tsaya gaban iyayen yara ana neman abin faɗa.

To, yaya ake ƙin aiki a riƙe amana? Abu na farko shi ne lokaci. A nemi kwana ɗaya don yin lissafi, a kuma dawo da amsa a ranar da aka ce. A misalinmu, makarantar da aka gaya wa gaskiya a rana ta biyu tana da kusan mako uku cur na neman mafita. Wadda aka gaya wa a rana ta goma sha biyu ba ta da komai sai fushi. Kuma kada a karɓi ko sisi kafin amsar, domin da zarar kuɗi ya shiga hannu an sayi yadi da shi, janyewa ta zama bashi.

Na biyu, a ba da dalilin gaskiya da adadi. Wasu kan tsuga farashi don mai aiki ya gudu da kansa. In ya gudu, ya tafi da labarin cewa shagon yana da tsada. In kuma ya amince, an shiga ramin da ake gudu. Wasu kan ce yadi ne babu a kasuwa, ƙaryar da waya ɗaya zuwa Kwari za ta tona. Adadi kuwa yana nuna cewa mutum ya san aikinsa.

Na uku, a duba ainihin bukatar mai aiki, wadda sau da yawa ta fi abin da ya rubuta ƙanƙanta. Makarantar ta ce 1,200, amma waɗanda ba su da yunifom ko ɗaya ranar buɗewa su ne sababbin ɗalibai. Tsofaffi suna da na bara da za su lallaɓa da shi. Ga yadda maganar za ta iya kasancewa tsakanin mai shago da shugabar makarantar:

"Hajiya, ranki ya daɗe, na gode da kika tuna da mu. Na zauna na yi lissafi. Seti 1,200 cikin mako uku ya fi ƙarfinmu, kuma ba zan karɓi kuɗinki a kan abin da na san ba zan cika ba. Abin da zan iya tsaya miki a kai shi ne seti 300 kafin ranar buɗewa, in kin yarda mu fara da 'yan aji ɗaya. Sauran 900, in makaranta za ta iya jira, zan riƙa kawo kusan 190 duk mako har mu gama cikin mako biyar. In ba za ta iya ba, akwai shaguna biyu da na san aikinsu, zan haɗa ki da su ku yi magana kai tsaye."

A lura cewa ya bar mata zaɓi, kuma kowane zaɓi yana da rana da adadi. A lura kuma da bambancin haɗa ta da wasu shaguna a fili da rarraba aiki a ɓoye. A fili, ita ce ta ƙulla da su, ta san wanda za ta tambaya. Mai shago zai iya ƙara kyautatawa: ya ba da shawarar a sayi yadin duka lokaci guda a raba, ya kuma ba sauran shagunan kwafin kwalin da yake yanka da shi, don girman ya zo ɗaya. Amma kada ya ambaci shagon da bai taɓa ganin aikinsa ba, domin in suka ɓata, rabin laifin nasa ne.

Za a ce, ai ta haka ake miƙa wa abokin gasa kwastoma. Yana iya faruwa, kuma wani lokacin ba ta dawowa. Wannan hasara ce ta gaske, sai dai tana da iyaka: ribar oda ɗaya. A ɗaya ɓangaren akwai masu seti 250 ɗin nan da suka riga suka ba da aikinsu, waɗanda su ne farkon waɗanda ake turewa gefe in babban aiki ya shigo. Su ne ke biyan kuɗin hayar shago a watannin da babu makaranta babu Sallah. Masu makarantu kuma sun san juna, suna haɗuwa a tarukansu, kuma labarin telan da ya bar yara ba kaya yakan riga shi isa ko'ina.

Wanda ya riga ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa yana iya gane haka tun kafin ranar ta zo. In ya fara ganin kiran mai aiki yana kifa waya, in yana amfani da kafin alƙalamin sabon aiki don ƙarasa tsoho, in kayan da ake mayarwa a farke suna ƙaruwa saboda ɗinkin tsakar dare, to lokacin faɗar gaskiya ya yi, kuma kowace rana da aka ƙara tana rage abin da za a iya cetowa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Bayan an buɗe makaranta, a kira a tambayi yadda aka ƙare, ko da wani ne ya yi aikin. Sannan a koma wurinta a watan Mayu ko Yuni da tayin shekara mai zuwa. Seti 1,200 da suka gagara cikin mako uku, a kan seti 190 a mako ba su kai aikin mako bakwai ba. In aka fara a Yuli, shagon nan mai teloli takwas da mai yanka ɗaya zai gama su kafin Satumba, ba tare da ya ƙara keke ko ɗaya ba, kuma ba tare da ya ture kowa gefe ba in ya tsara lokacinsa. Shugabar makarantar kuma tana da dalilin yarda da ranar da ya ba ta, domin ta taɓa ganin ya ƙi kuɗinta lokacin da ya san ba zai cika ba.