Jadawalin darussa: a yi lissafi kafin a ja layi

Duk lokacin da aka koma makaranta a Anka, Gummi ko Bukkuyum, hotunan da ke yawo a Fesbuk iri ɗaya ne: rufin aji da iska ta yaye, yara a zaune a ƙasa, katangar da ta rushe. Daidai ne a yi ƙorafi a kansu. Amma akwai wata takarda da ke manne a bangon ofishin malamai wadda ba mai ɗaukar hotonta, alhali ita ke yanke hukuncin ko ƙaninka zai ga malamin Fiziks a makon nan ko ba zai gan shi ba. Ita ce jadawalin darussa, wanda muke kira taimtebur.

Yaran jihar nan sun riga sun yi asarar lokaci mai yawa. A Satumbar 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun Zamfara. A Nuwambar 2023 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. To wanda aka ci masa watanni, bai kamata a ƙara ci masa minti arba'in ba don kawai an rubuta malami ɗaya a aji biyu a lokaci guda. Matsayinmu a wannan shafi shi ne, yawancin cin karon da ake gani a jadawali ba ƙaddara ba ne. Rashin yin lissafi tun farko ke kawo shi, da kuma farawa daga inda bai kamata ba.

Cin karo iri uku ne. Malami ɗaya a aji biyu, aji ɗaya da malamai biyu, ko aji biyu a ɗaki ɗaya, galibi ɗakin gwaje-gwaje. Ba ya zuwa da hayaniya. Malamin zai zaɓi ajin da ya fi kusa da jarrabawa, ya bar ɗayan, kuma haka za a yi ta yi kowane mako har zango ya ƙare. Firiyod ɗaya a mako, a zango mai mako goma sha biyu na koyarwa, darasi goma sha biyu ke nan suka salwanta ba tare da kowa ya yi fashi ba.

Mu ɗauki misali

A ce makaranta ce ta jeka-ka-dawo mai azuzuwa shida: SS1, SS2 da SS3, kowanne da A na kimiyya da B na sauran fannoni. Daga Litinin zuwa Alhamis ana yin firiyod takwas, da hutun tara bayan na huɗu. Ran Juma'a biyar kawai ake yi saboda masallaci. Jimla firiyod 37 a mako. Wannan 37 ɗin ita ce iyaka, ba malami ko aji ko ɗaki da zai wuce ta.

Matakin farko ba zana layuka ba ne, ƙirga nauyin kowane malami ne. Malamin Lissafi ɗaya ne, kowane aji na buƙatar firiyod biyar, ka ga 30 ke nan. Ya yi nauyi, amma yana shiga cikin 37. Da a ce an ƙara masa azuzuwa uku na ƙaramar sakandare, sai ya koma 45. A nan fa ko wane gwani aka ɗauko ba zai fitar da jadawali mai kyau ba. Sai dai a nemo wani malami, ko a haɗa A da B a darasi ɗaya, ko a rage firiyod a sanar da kowa. Abin da bai dace ba shi ne a cike takarda yadda za ta yi kyau a bango, alhali an san darasi takwas ba za su taɓa yiwuwa ba.

Akwai abin ƙarfafa gwiwa a nan. Tun 1916 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hungari, Dénes Kőnig, ya tabbatar da wata ƙa'ida wadda ma'anarta a makaranta ita ce: muddin ba malamin da nauyinsa ya wuce yawan firiyod na mako, ba kuma ajin da ya wuce, to lalle akwai jadawalin da ba cin karo a cikinsa. Sai dai sharaɗin shi ne kowa na nan a kowane lokaci. Da zarar an ce wane ba ya zuwa ran kaza, ko ɗakin gwaji ɗaya ne, wannan tabbacin ya faɗi. Kuma haka makarantunmu suke. Shi ya sa wanda za a fara sakawa ke da muhimmanci.

Fara da wanda ya fi ƙarancin zaɓi

A misalinmu, malamin Kemistiri aro ne daga wata makaranta, Litinin da Talata kawai yake zuwa. Mai koyar da Fiziks ɗan bautar ƙasa ne, ran Alhamis yana wurin aikin gayyarsu na mako-mako. Ɗakin gwaji ɗaya ne. Kowane ajin kimiyya na buƙatar firiyod huɗu na Kemistiri da huɗu na Fiziks, biyu daga ciki a jere a ɗakin gwaji, don ba a haɗa kayan gwaji a kammala a wanke cikin minti arba'in.

Wa ya fi matsuwa? Malamin Kemistiri: yana da gurbi 16, yana buƙatar 12. Da shi za a fara. Ran Litinin a ba shi ɗakin gwaji: SS1A a firiyod na 1 da 2, SS2A a na 3 da 4, SS3A a na 5 da 6. Ran Talata ya maimaita wannan jerin, amma a cikin aji, don ɗakin gwajin ya zama na Fiziks. A lura, ba a tsaga firiyod biyun gwaji da hutun tara, wato ba a haɗa na 4 da na 5.

Sai Fiziks ran Talata. Dabarar ita ce a zame jerin da mataki ɗaya: lokacin da SS1A ke Kemistiri, SS2A na ɗakin gwaji, haka har a zagayo. Bayan nan a dubi guraben da suka rage a saka Lissafi. Ga yadda Talatar za ta kasance:

| Firiyod | SS1A | SS2A | SS3A | Malamin Lissafi yana |
|---|---|---|---|---|
| 1 | Kemistiri | Fiziks (gwaji) | Lissafi | SS3A |
| 2 | Kemistiri | Fiziks (gwaji) | | SS1B |
| 3 | Lissafi | Kemistiri | Fiziks (gwaji) | SS1A |
| 4 | | Kemistiri | Fiziks (gwaji) | SS2B |
| 5 | Fiziks (gwaji) | Lissafi | Kemistiri | SS2A |
| 6 | Fiziks (gwaji) | | Kemistiri | hutu |
| 7 | | | | SS3B |

Ka bi kowane layi daga hagu zuwa dama: ba darasin da ya fito sau biyu, kalmar gwaji ma sau ɗaya take fitowa. Guraben da ba komai na Turanci ne, da Addini, da Hausa da sauran darussan da malamansu ke nan kullum. Sauran firiyod biyu na Fiziks su tafi Laraba da Juma'a. Gwajin Bayoloji kuwa a kai shi Alhamis, ranar da ɗan bautar ƙasa ba ya nan kuma ba mai neman ɗakin.

Yanzu ga tarkon da ke kama mutane da yawa. An saba a ce Lissafi sau ɗaya kowace rana ga kowane aji. Azuzuwa shida ne, firiyod na Juma'a biyar ne, malami ɗaya ne. Ba yadda za a yi shida ta shiga cikin biyar. Lissafin mako ya fita, na Juma'a bai fita ba. Mafita ita ce a cire aji ɗaya daga Juma'a, a ba shi Lissafi sau biyu ran Laraba. Wanda ya fara cike Litinin ya biyo kwanaki a jere, sai ya iso Juma'a zai ga wannan, lokacin ya gaji, sai kawai ya rubuta malamin a aji biyu ya ce za su sasanta.

Yadda za a gane kuskure da waya

Ba sai da kwamfuta ba. Kwali da fensir da ƙananan takardu masu sunayen malamai sun isa a yi ginin. Amma wajen dubawa ido na gajiya. A Google Sheets ko Excel, a sa firiyod 37 a layuka na 2 zuwa 38, azuzuwa shida daga B zuwa G, a kowane gurbi a rubuta lambar malami, kamar M1, ba sunan darasi ba. Dalili kuwa, malami ɗaya na iya koyar da Fiziks a wani aji da Lissafi a wani, idan sunan darasi aka rubuta cin karonsa zai ɓuya. Sai a sa wannan a ƙarƙashin `Conditional formatting`:

```
=AND(B2<>"",COUNTIF($B2:$G2,B2)>1)
```

Duk gurbin da ya canja launi, malamin yana aji biyu a lokaci ɗaya. Don tabbatar da nauyinsa kuma:

```
=COUNTIF($B$2:$G$38,"M1")
```

Idan M1 malamin Lissafi ne, dole ta ba da 30. Ta ba da 29, to an cinye wa wani aji darasi. A yi shafi na biyu irin wannan mai ɗauke da sunayen ɗakuna. Makarantar da azuzuwanta suka yi yawa, akwai manhajar FET, kyauta ce, amma da kwamfuta ake amfani da ita, kuma ita ma ba za ta cusa 45 cikin 37 ba.

Abin da muke nema

Jadawali na tsufa. Ɗan bautar ƙasa ya gama ya tafi, an yi wa malami sauyin wurin aiki, ko ɗalibai sun ƙaru, kamar yadda ke iya faruwa a gari irin Anka da ya karɓi mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya koro. Kowanne daga cikinsu na nufin a koma kan lissafi. Haka malamin da ke tahowa daga nesa kuma hanya ba ta barin a yi sammako, a faɗi gaskiya a cire shi daga firiyod na farko, maimakon a bar aji na jiran wanda aka san ba zai iso ba.

Muna kira ga shugabannin makarantu da mataimakansu masu kula da karatu su manna takardar nauyin malamai kusa da jadawali, kowa ya gani. Ma'aikatar ilimi ta riƙa karɓar wannan takarda a farkon kowane zango, domin "malaminmu na Lissafi na da firiyod 45 cikin 37" ya fi "muna fama da ƙarancin malamai" saurin sa a ɗauki mataki.

Mu kuma matasa, masu jiran sakamako da masu hutun jami'a, mu je da ladabi mu nemi izinin kwafe jadawalin makarantar da muka gama, mu zuba shi a waya, mu kai wa mataimakin shugaba jerin guraben da suka yi ja. Ba don a watsa a ci mutuncin kowa ba. Aikin yamma ɗaya ne, kuma ƙanwarka da za ta zauna WAEC ko NECO bana ita za ta ci riba.