Hoton mota ba ya magana, dillali ya rubuta gaskiya a ƙarƙashinsa

Duk wanda ke Arlit, Akokan ko Assamakka yana da waya a hannu ya san irin hotunan da nake nufi. Farar Hilux ce an wanke ta tas, an shafe tayoyinta da mai, an ɗauke ta da hantsi ta gefen da bai taɓa karo ba. A ƙarƙashi kuma kalmomi ƙalilan ne: "Lafiya lau, kamar sabuwa, mai so ya kira." Babu shekarar ƙira, babu kilomita, babu kuɗi. Ra'ayina shi ne, rubutun da ke ƙarƙashin hoton nan shi ne rabin ciniki, kuma dillalin da ya bar shi fanko ko ya cika shi da zaƙin baki yana jefa ran wani cikin haɗari, ko da bai yi nufin haka ba.

Cinikin tsohuwar mota daɗaɗɗen abu ne a wannan yanki. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin uraniyom ke yawo a hannun ma'aikatan SOMAIR da COMINAK, Turawa sukan tuƙo tsofaffin Peugeot 404 da 504 daga Faransa, su ratso Aljeriya ta Tamanrasset da In Guezzam, su shigo ta Assamakka, su sayar da su a Arlit ko Agadez. Mai saye a lokacin yana tsaye motar ke isowa da ƙurarta. Ya ga ta ƙetare hamada da tayoyinta, ya buɗe gabanta, ya kira makanikensa. Yau kuwa motar tana Agadez ko Yamai, mai saye yana Assamakka, ko ma yana wurin haƙar zinariya a Tchibarakaten, abin da ke tsakaninsu hoto ne a WhatsApp. Daga Assamakka zuwa Arlit kimanin kilomita 200 ne, daga Arlit zuwa Agadez kuma kimanin 240. Mutum ba zai yi wannan tafiya don duba kowace motar da aka turo masa ba. Sau da yawa yakan tura kafin alƙalami kafin ya gan ta da idonsa, kuma abin da ya dogara da shi shi ne ɗan rubutun nan.

Mu fara da kilomita, don nan ne aka fi cin amana. Dabara ta farko ba ta ma buƙatar taɓa agogon mota. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, waɗanda suka daɗe suna shigo mana ta tashoshin Kwatano da Lome, da mil suke ƙirga tafiya. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6. Idan agogo ya nuna 120,000 da mil, to motar ta yi kusan kilomita 193,000. Dillalin da ya rubuta "120,000" kawai ya yi shiru, ya ɓoye kilomita dubu saba'in da ɗoriya ba tare da ya furta ƙarya da bakinsa ba, kuma ya san abin da ya yi. A fuskar agogon za a ga mi ko km a rubuce, sai a faɗa wa mai saye wanne ne a ciki.

Dabara ta biyu ita ce mayar da agogo baya, ko a cire shi a sa na wata motar. Wasu na ganin wannan ɗan kwaskwarima ne na ciniki, kamar goge ƙura. Ga abin da yake jawowa. Hilux mai injin gazuwal 2KD, wadda ta cika hanyoyinmu, tana da bel a cikin inji wanda ke daidaita tafiyar fistin da bawul. Kamfanin Toyota ya sa a canza shi a kilomita 150,000, har da fitilar T-BELT da ke kunnuwa don tunatarwa. A ce mota ta yi 160,000 ba a canza bel ɗin ba, aka mayar da agogonta 90,000. Sabon mai ita zai ɗauka yana da sauran kilomita dubu sittin a gabansa, alhali bel ɗin ya riga ya wuce wa'adinsa. Ranar da ya tsinke ana cikin gudu, fistin na iya dukan bawul, inji ya mutu nan take. A cikin birni wannan asarar kuɗi ce, a kira wani ya ja motar zuwa gareji. A tsakiyar hanyar Arlit da Assamakka, a watan Mayu, da mutum goma a baya da jarkar ruwa biyu, maganar ta zama ta rai da mutuwa.

Mai saye yana da hanyoyin gane an taɓa agogo, kuma ya kamata ya nemi hotunansu tun a waya. Robar fedar birki da ta kuloci ba sa cinyewa har ƙarfe ya bayyana a kilomita 90,000. Sitiyarin da ya yi santsi yana ƙyalli, da kujerar direba da gefenta ya lotsa, duk suna nuna doguwar hidima. Sau da yawa akwai ƴar takardar da masu juyen mai ke mannawa a bakin ƙofa ko a ƙarƙashin murfin inji, wadda ke ɗauke da kilomitar ranar, kuma masu mayar da agogo sukan manta da ita. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu bayan DOT, misali 2319, ma'ana mako na 23 na shekarar 2019. Taya mai shekara bakwai ko takwas, ko da haƙoranta na nan, robarta ta bushe, zafin yashi kuma ba ya yi mata sauƙi.

To amma dillalai da dama za su ce su ma haka suka sayo motar, ba su san tarihinta ba. Na yarda, gaskiya ne a lokuta da yawa. Mota kan bi hannu huɗu ko biyar kafin ta iso Agadez. Maganin wannan jimla ɗaya ce: "Agogo na nuna kaza, amma ba ni da tabbacin shi ne na asali." Wanda ya rubuta haka ya sauke nauyi daga wuyansa, mai saye kuma zai canza bel tun kafin ya ɗauki hanya.

Ga yadda nake ganin rubutun ya kamata ya kasance. Motar da farashinta misali ne kawai na bayar:

"Toyota Hilux mai gida biyu, ƙirar 2012, gazuwal, giyar hannu, kat-kat na shiga. Agogo: kilomita 238,000, na asali, akwai takardun juyen mai. An canza bel ɗin inji a 152,000. Ta yi shekara uku tana jigila tsakanin Arlit da Assamakka. An yi wa shasi walda a baya ta hagu, ga hoton wurin. Na'urar sanyi ba ta aiki. Tayoyin gaba na 2023, na baya suna son canji. An biya duwan, takardu da sunan mai ita. Miliyan 7 da rabi na sefa, da la'ada a ciki, akwai ɗan ragi. Tana Arlit, a zo da makanike."

Layin da ya fi kowanne daraja a wurina shi ne na shekara ukun jigila. Kilomita dubu ɗari a kan kwaltar Turai daban suke da dubu ɗari a kan gargada da yashi da lodin buhuna. Gargada tana tsattsaga shasi, tana karya sifirin, tana kwance kusoshi. Ƙura tana shiga inji idan an yi sakaci da matatar iska, ta cinye zoben fistin, sai ka ga shuɗin hayaƙi da safe idan an tayar da motar a sanyi. Injin da ya taɓa yin zafi har gasket ya ƙone yakan bar alama: farin kumfa kamar madara a ƙarƙashin murfin da ake zuba man inji, ko ruwan lagireto yana tasowa da kumfa alhali inji bai yi zafi ba. Shi ya sa mai saye ya nemi a yi masa bidiyon tayar da motar da sassafe, kada ya yarda da wadda aka riga aka ɗumama. Idan dillali ya san ɗaya daga cikin waɗannan aibobi, wurinsa a cikin rubutu ne, kusa da hoton da ya nuna shi.

Batun farashi kuwa, abin da ke haddasa rigima a nan kan iyaka shi ne takardu. Motar da aka biya wa duwan ta samu lambar Nijar, da wadda ta shigo daga Libiya ko Aljeriya ba a biya ba, ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya ga araha ya yi rawar jiki, shingen farko na hukuma zai nuna masa abin da ya saya. A rubuta ko an biya ko ba a biya ba. A rubuta kuɗin da lamba, a faɗa ko la'ada na ciki. A haɗa da hoton lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, domin a gwada ta da wadda ke jikin takarda.

Na san abin da ƴan kasuwa za su ce: idan ka sa kuɗi ka kashe tayi, idan ka faɗi aibi mai saye zai gudu wurin maƙwabcinka mai cewa "kamar sabuwa". Ban raina wannan tsoro ba, domin mutum iyalinsa yake ciyarwa. Wasu masu saye za su gudu, tabbas. Amma wanda ya karanta cewa an yi wa shasi walda, ya ga hoton, kuma ya taso daga Assamakka, to saye ya zo yi, ba zai dawo bayan wata guda da ƴan uwansa yana neman kuɗinsa ba. Garuruwanmu ƙanana ne, direbobi sun san juna, kuma labarin motar da ta mutu a hanya yakan riga mai ita isowa tasha, tare da sunan wanda ya sayar da ita. Malamanmu ma sun karantar da mu a Risalar Ibn Abi Zaid cewa ɓoye aibin haja bai halatta ba, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya canza don an yi cinikin ta waya ba.

Ina kira ga shugabannin dillalan mota na Arlit da Agadez su zauna su yi ƙa'ida a tsakaninsu, cewa ba a tura hoton mota sai da shekara, kilomita, aibin da aka sani, matsayin takardu da farashi. Kai kuma mai saye, idan an turo maka hoto babu waɗannan, ka tambaya a rubuce, ka ajiye amsar a wayarka. Wanda ya ƙi ba ka amsa a rubuce, kada ka tura masa ko dala.