Jingina ba mogej ba ce, a daina fassara ta haka

1/ Jama'a, duk mai fassara takardar jinginar gona zuwa Turanci, don Allah ya bar kalmar "jingina" yadda take, ya yi mata bayani a ƙasa. Sa "mogej" a gurbinta na iya raba mutum da gonar gado.

2/ A wajenmu Mainika, da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo, ga yadda jingina take: ka karɓi kuɗi, ka miƙa gona. Mai kuɗin ne zai riƙa nomawa yana cin amfanin. Babu ruwa a kan bashin. Ranar da ka mayar da kuɗin, gonarka ta dawo.

3/ Mogej na dokar Turawa kuwa daban ne. Yawanci gonar tana hannunka, ruwa yana hawa, akwai wa'adi, kuma in ka gaza biya mai bashi na iya sayar da ita.

4/ Misali: Malam ya jinginar da gona a kan naira 400,000, ya rasu bayan shekara 10. A al'ada, magadansa su kawo 400,000 ɗin su fanshi abinsu. Kotun Ƙoli ma ta tabbatar a shari'ar Okoiko da Esedalue, 1974, cewa daɗewa ba ta kashe haƙƙin fansar jinginar gargajiya.

5/ To amma in takardar Turanci ta ce mogej, lauyan ɗaya ɓangaren ya samu ƙofa. Zai tambayi wa'adi, ya tambayi ikon sayarwa. Abubuwan da su biyun ba su taɓa zancensu ba fa!

6/ "Rahani" ma bai dace ɗari bisa ɗari ba. A mazhabar Malikiyya, in bashin na rance ne, ba a yarda mai bashi ya sharɗanta cin amfanin abin da aka jingina masa ba.

7/ Bayanin mai fassara ya zama gajere, kamar haka: "Jingina: mai kuɗi ke riƙe gonar yana nomawa har a biya shi. Ba ya da ikon sayarwa. Mai gona ko magadansa na iya fansa."

8/ Wasu za su ce mai fassara ya zama lauya ke nan. A'a. Aikinsa ya nuna inda kalmomin biyu suka raba hanya, ba ya ƙara sharaɗi ba. Bayaninsa ma ba sashen yarjejeniya ba ne. Don haka a sa ma'anar a cikin takardar kanta, a rubuta wane harshe za a bi in an samu saɓani, sannan a sa hannu.

9/ Kafin ka dangwala, a karanta maka ta Turancin da Hausa, ka yi tambaya 3: wa zai noma? Yaushe zan iya fansa? Zai iya sayarwa? In amsa ɗaya ta saɓa da abin da kuka shirya gaban mai unguwa, ka janye yatsanka.