Baucan Jarrabawa: Yadda Rangwame Kan Zama Asara Idan Wa'adi Ya Cika

Matashin da ke neman takardar shaidar ƙwarewa a fannin tsaron kwamfuta, irin Security+ ta CompTIA, ba ya biyan kuɗi a zauren jarrabawa. Bauca yake saye tukuna, wato lambar sirri mai ba shi damar zama sau ɗaya, sannan ya shigar da ita a shafin Pearson VUE ya zaɓi rana. Farashin wannan lamba ya kai kimanin dala 400. Kafin gwamnati ta saki Naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala take kusan Naira 460 a hukumance, kuɗin bai kai Naira dubu 200 ba. Da dala ta kai Naira 1,500, sai ya zama Naira dubu 600, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata takwas, bisa Naira dubu 70 da aka amince da ita a 2024. Manufar canjin kuɗi ce ta mayar da ɗan kuskure wajen sayen bauca asarar da kan girgiza gida guda.

Tayin da ya fi jan hankali shi ne na haɗaka: bauca tare da damar sake zama idan an faɗi. A haƙiƙa inshora ce, kuma ana iya auna ta da lissafi. Mu ƙaddara bauca zalla dala 400 ce, mai damar maimaici kuma 500. Ƙarin dala 100 kashi ɗaya ne cikin huɗu na farashin zama guda. Saboda haka haɗakar na da riba ne kawai ga wanda yiwuwar faɗuwarsa ta haura kashi 25 cikin ɗari. Ana cin Security+ da maki 750 cikin 900. Wanda yake tsallake gwaje-gwajen share fage cikin sauƙi, a kan tambayoyin da bai taɓa gani ba, wataƙila yana biyan kuɗin abin da ba zai mora ba. Wanda kuwa sakamakonsa ke tangal-tangal a bakin iyaka, dala 100 na iya kare shi daga sake biyan 400.

Sai dai wannan lissafi yana rushewa idan aka manta da wa'adi. Baucan CompTIA kan yi aiki na wata 12 daga ranar saye, ba daga ranar da aka fara karatu ba, kuma ba a tsawaita shi ko a mayar da kuɗi. Dole a zauna jarrabawar kafin ranar ƙarshe. Yin rajista kawai bai wadatar ba. Damar maimaicin ma a cikin wannan wa'adi take. Ɗalibin da ya saya a Janairu, ya yi ta jinkiri har tsakiyar Disamba sannan ya faɗi, makonni kaɗan suka rage masa. Ƙa'idar kamfanin ba ta sa jira tsakanin zama na farko da na biyu ba, amma gibin da ya kayar da mutum ba ya cikewa a mako biyu, kuma ba lallai a sami gurbi a cibiya ba. Da ya zauna a wata na takwas, da yana da wata huɗu na gyara.

Akwai wa'adi na biyu da bauca ba ta nunawa: ranar da ake janye samfurin jarrabawa. An fito da SY0-701 a Nuwambar 2023, aka rufe SY0-601 a ƙarshen Yulin 2024. Wanda ya shafe watanni yana karanta tsohon manhaji bai zauna ba, sai ya koma kan sabo, ko da baucansa na da sauran kwana.

A nan ne dillalai ke samun kasuwa. Sau da yawa rangwame mai tsoka yana nufin bauca ta kusa mutuwa. Ga wanda ya gama shiri wannan garaɓasa ce, ga mai fara karatu kuwa araha ce da ba ta ado. Haka kuma wasu baucoci na wani yanki ne na duniya kaɗai, wasu na ɗalibai ne, kuma ba za su karɓu a wajen sharaɗinsu ba. Kafin a tura ko sisi, a nemi abu uku a rubuce: ranar ƙarewa, lambar jarrabawar da baucan ke biya, da ƙasashen da take aiki. Dillalin da ya ƙi bayar da su ya riga ya ba da amsa.

Tsarin da ya fi aminci shi ne karatu tukuna, gwaji na biyu, saye daga ƙarshe, a kuma kama rana nan take. Tsoron tashin dala kan sa wasu su saya da wuri, amma ribar canji ba ta kai asarar lambar da ta mutu a cikin imel ba. Tambayar ta shafi duk shirin horas da matasa da ke raba baucoci da kuɗin jama'a: adadin da aka raba ba shi ne ma'auni ba. Nawa aka zauna da su kafin wa'adi, nawa kuma suka ƙare ba a taɓa su ba? Waɗannan ne alƙaluman da ya kamata a bayyana.