Kafin mu miƙa shaddarmu ga injin busar da kaya

Jama'a, a shagunan wanki na zamani da muke kira piresin, musamman a Yamai da Maraɗi, an fara kawo injin busar da kaya. Ka kai riga da safe, ka karɓa da azahar a ninke. Da yawanmu na ganin ai ci gaba ne, shanya a igiya kuwa aikin ƙauye. To mu dai a ganinmu, ga irin suturar da muke sawa, igiya ta fi injin nesa ba kusa ba.

Duk mai shakka, ya roƙi mai shagon ya buɗe masa ragar da ke bakin ƙofar injin bayan an gama busarwa. Zai ga wani abu mai laushi ya taru kamar kaɗa. Mafi yawan wannan kaɗar ba datti ba ce, jikin rigunanmu ne. Injin yana jujjuya kaya cikin iska mai zafi na kusan awa guda, riga na gogar riga, tana bugun ƙarfe, ƙananan zaruruwa na tsinkewa suna fita. Kowane zagaye yadi na raguwa kaɗan. Ba za ka lura a wanki ɗaya ba, sai ran da ka ɗaga riga ka hango haske ta gwiwar hannu.

Mu ɗauki misali. Mutum ya sayi shadda mai tsada, tela ya ɗinka masa babbar riga da 'yar ciki da wando, an yi aiki a wuya. Shadda auduga ce, kuma a masaƙa ana jan zaren auduga a miƙe. Idan ta jiƙe, aka haɗa mata zafi da jujjuyawa, zaren sai ya koma yadda yake so, yadin ya tsuke. Ko da kashi 3 cikin 100 kawai ya ja, wando mai tsawon santimita 100 ya rasa santimita 3, ga idon sawu a waje. Sannan zaren aikin wuya, wanda galibi ba auduga ba ne, ba ya ja daidai da yadin, shi ya sa za ka ga gefen aikin ya tattare, guga ma ba ta kwantar da shi sosai. Ƙyallin nan da taurin da aka biya kuɗi dominsu, a saman yadin suke, gogayya ce ke fara cinye su. Singileti da rigunan yara masu talewa sun fi shadda saurin ja, robar ƙugu kuma zafi na kashe ta.

Amma fa mu faɗi gaskiya, igiya ma tana da laifinta. Tawul da aka shanya yakan bushe ƙandas kamar kilishi, don auduga idan ta bushe ba motsi zaruruwanta na mannewa da juna. Na injin kuwa yana fitowa da laushi, sai dai laushin nan duka ne ya kawo shi, dukan da ke cika raga da kaɗa. Maganin na igiya mai sauƙi ne: a kakkaɓe tawul da ƙarfi kafin a shanya da bayan an kwashe, a kuma ɗauraye omo sosai, don ragowarsa na ƙara tauri.

Laifi na biyu rana ce. Zafin watan Afrilu yana cin launin atamfa, yana kuma raunana zare idan an bar kaya tun safe har magariba. A juya riga ciki waje, masu launi a shanya su a inuwa inda iska ke ratsawa, a kwashe da zarar sun bushe. A bazararmu awa ɗaya ko biyu ta ishi yawancin kaya. A kuma guji shanya kan waya mai tsatsa ko katanga mai kaushi.

Ba mu ce injin ba shi da rana ba. A tsakiyar damina, lokacin da kaya ke kwana biyu suna warin danshi, ko ran da hazon hunturu ya turnuƙe, ko a otal da asibiti masu zannuwan gado birjik, yana da amfani. Nan ma a ce wa mai shagon ya rage zafi, ya fitar da kayan da ɗan sauran danshi.

Abin da muke kira shi ne mu riƙa tambaya kafin mu miƙa kaya: da me za a busar? Idan takardar wuyan riga tana da hoton akwati mai da'ira a ciki an soke shi, ma'anarsa kada a sa a injin. Kayan tela ba su da wannan takarda, don haka bakinmu ne takardar. Masu piresin kuma su tanadi igiya a inuwa don shadda da atamfa da leshi. Rana da iska Allah ya ba mu kyauta, wutar NIGELEC kuwa sai an biya, in ma an kawo. Bai dace mu biya kuɗi a cinye mana riga ba.